Yadda Ake Gyara Jimla Don Ta Yi Daɗin Karantawa a Rediyo Ko a Jawabi

Mai karanta jarida yana da gatan da mai sauraron rediyo ba shi da shi. In jimla ta shige masa duhu, sai ya mayar da ido baya ya sake bin ta, sau biyu ko sau uku, har ya gane. Mai sauraro kuwa sau ɗaya maganar take wucewa ta kunnensa, kuma galibi hannunsa na kan wani aiki, ko yana tuƙi, ko ana surutu kusa da shi. Shi ma mai karantawa da murya yana da tasa iyakar, domin numfashi ɗaya gare shi, in ya ƙare ya ƙare, ko da a tsakiyar kalma ne. Duk gyaran da za mu yi a nan daga waɗannan abubuwa biyu ya taso.

Maimakon in jero dokoki, bari mu ɗauki jimla ɗaya mu yi ta sassaƙa har ta zauna. Na ƙirƙire ta ne don misali, amma duk wanda ya taɓa karɓar takardar sanarwa daga wani ofis zai ga ya san irinta:

"Sakamakon rashin kammala aikin gyaran rufin babban ɗakin taron kwalejin da aka tsara gudanar da jarrabawar ɗaukar ma'aikatan lafiya a cikinsa, wanda ɗan kwangila ya yi alkawarin miƙa shi tun makon jiya, hukumar tana sanar da dukkan masu neman aiki su 2,487 da suka cike takardu cewa ba za a gudanar da jarrabawar da aka shirya yi gobe 14/7 da misalin 8:00 na safe a wurin da aka ambata a sama ba, sai ranar 18/7 a zauren filin wasanni, kuma duk wanda ya zo ba tare da katin shaida (na asali) ba ba za a bar shi ya shiga ba."

Kalma 100 ce cif, aya ɗaya. Nahawunta bai karye ba, wanda ya rubuta ta ma yana jin ya yi ƙoƙari. A takarda ana iya haƙuri da ita. A baki kuwa, gwada ka ji.

Fara da baki, kada ka fara da alƙalami

Mataki na farko shi ne ka karanta jimlar da murya, da irin ƙarfin da za ka karanta ta gaban makirufo. Karatun zuci ba ya nuna komai, domin ido yana tsallake ramin da harshe zai faɗa. Motsa leɓe a hankali ma bai wadatar ba, tunda ba ya cin numfashi kamar magana ta sosai. Riƙe fensir, ka sa alama iri uku: karkataccen layi a duk inda numfashinka ya ƙare, layi a ƙarƙashin duk kalmar da harshenka ya yi tuntuɓe a kanta, da alamar tambaya a duk inda ka tsaya kana tunanin yadda za ka furta abu.

In ka yi wa jimlarmu haka, za ka ga numfashi ya yanke maka tun kafin ka kai "a cikinsa", tuntuɓe ya same ka a "ba ba za a bar shi", alamar tambaya kuma ta hau kan 2,487 da 14/7 da 8:00 da baka biyun nan. Waɗannan su ne wuraren aiki. Da wannan karatun ne kuma za ka san tsawon numfashinka. Ni dai kalma 12 zuwa 15 nake iya ɗauka cikin natsuwa ba tare da muryata ta fara shaƙewa ba. Wani ya fi haka, wani bai kai ba. In wani ne zai karanta abin da ka rubuta, da numfashinsa za ka auna, ba da naka ba.

Nemo labarin, ka fito da shi gaba

Ajiye takardar, ka juya ta. Ka ɗauka wani abokinka yana cikin masu neman aikin nan, kun haɗu a hanya kuma yana sauri. Me za ka ce masa? Ba za ka fara da rufin ɗaki da ɗan kwangila ba. Cewa za ka yi, "Kai, an ɗage jarrabawarku zuwa Asabar." To, wannan ita ce jimlarka ta farko, kuma bakinka ne ya ba ka ita.

Dubi inda wannan labarin yake a rubutun asali. Sai da aka yi kalma 47 kafin a iso gare shi. Duk tsawon wannan lokaci mai sauraro yana riƙe da "sakamakon" a ka, yana jiran ya ji sakamakon mene, kamar wanda aka ɗora wa kaya ba a gaya masa inda zai kai ba. Jimlolin da ke farawa da "sakamakon", "duba da", "bisa la'akari da" ko "duk da cewa" duk haka suke yi, suna gabatar da dalili a kan hukunci. Kunne ya fi son a gaya masa abin da ya faru tukuna, sannan dalilin ya biyo baya.

Amma akwai wani abu da ke zuwa kafin labarin kansa, wato wanda ake yi da shi. Mai sauraron rediyo yakan rasa kalmomi biyu ko uku na farko, domin kafin hankalinsa ya dawo kan akwatin an riga an wuce su. Saboda haka kada ka sa kalmar da ta fi kowace nauyi a bakin ƙofa. Buɗe da kira: "Sanarwa ga masu neman aikin lafiya da suka cike takardu." Wanda abin ya shafa zai miƙe kunne, wanda bai shafa ba ya ci gaba da harkarsa. Da ka yi wannan kiran kuma ka samu damar cewa "ku" da "jarrabawarku" har ƙarshe, maimakon "duk wanda" da "masu neman aikin da aka ambata".

Raba ta, kowace magana da ɗakinta

Yanzu ƙirga maganganun da aka cusa cikin jimlar. Akwai su wa ake nufi, akwai ɗagewa, akwai sabuwar rana, akwai sabon wuri, akwai dalili, akwai katin shaida, akwai alkawarin ɗan kwangila, akwai yawan masu neman aikin. Takwas ke nan. Rubuta kowace a layinta, sannan ka tambayi kowane layi ko mai sauraro zai yi wani abu da shi. Alkawarin ɗan kwangila ba ya sa kowa ya zo ko ya fasa zuwa. Ofishin ne ke wanke kansa da shi, don haka ya fita. Yawan mutanen ma haka, za mu dawo kansa.

A nan ne wani abu yakan bayyana da ba a zata ba. Da ka jera layukan, za ka ga an faɗi ƙarfe takwas na safe game da tsohuwar ranar, amma ba a faɗi lokacin sabuwar ba. Cikin cunkoson kalmomi babu wanda ya lura, har wanda ya sa hannu. Kada ka cike giɓin da zato. Ɗauki waya ka tambayi mai sanarwar. Mu ɗauka ya ce lokacin bai canja ba.

Wajen rabawa, wuraren yanka a bayyane suke: "wanda", "inda", "yayin da", "kuma", "tare da". Kusan duk inda ka ga ɗayansu bayan waƙafi, aya za ta iya zama a wurin. Sai dai kada ka wuce gona da iri. In kowace jimla ta zama kalma huɗu huɗu, karatun zai koma kamar sara da gatari, mai sauraro ya gaji. Bar wata ta yi ɗan tsawo, wata ta gajarce. Kuma kada ka zubar da ƙananan kalmomin da ke riƙe zaren magana, irin su "wato", "dalili kuwa", "amma", "sannan". A rubutu ana iya ganin su kamar ƙari, a kunne kuwa su ne ke gaya wa mutum inda aka dosa.

Sarƙar -n da -r

Koma kan kalmomi goma na farko: "Sakamakon rashin kammala aikin gyaran rufin babban ɗakin taron kwalejin". Tara daga cikinsu da harafin n suka ƙare. Kowace tana jingine da ta gabanta, saboda haka babu inda mai karatu zai tsaya ya shaƙi iska ba tare da ya bar kalma a rataye ba. Gwada tsayawa bayan "gyaran" ka ji yadda take reto. Muryar ma takan kwanta ta zama layi ɗaya, domin babu aikatau da zai ɗaga ta.

Maganin shi ne a mayar da sunayen aiki su koma aikatau. "Rashin kammala aikin gyaran" ba komai ba ne illa "ba a gama gyara ba". "Gudanar da jarrabawa" shi ne "yin jarrabawa". Haka "aiwatar da biyan kuɗi" yake komawa "biya", "ƙaddamar da fara rajista" ya koma "an fara rajista". Abin da nake bi shi ne, in mahaɗi ya jeru fiye da sau uku, sai na nemi inda zan karya. A jimlarmu za a samu: "Ba a gama gyaran ɗakin taron kwaleji ba." Rufin ya tafi, "babban" ya tafi, ba a yi asarar komai ba.

Wakilin suna ma yana ɓata cikin irin wannan sarƙa. "Ya yi alkawarin miƙa shi": aikin ne, rufin ne, ko ɗakin? Duk ukun "shi" ne. Mai karanta takarda zai koma ya duba, mai sauraro ba shi da inda zai koma. In sunaye biyu masu jinsi ɗaya suka gabaci "shi" ko "ita", maimaita sunan da kake nufi. A makaranta an hana mu maimaita kalma, amma a rediyo maimaici ba aibi ba ne. Haka nan "wurin da aka ambata a sama" ba shi da ma'ana ga kunne, domin magana ba ta da sama ba ta da ƙasa. Faɗi sunan wurin kawai.

"Ba" ta farko da "ba" ta ƙarshe

Wannan ya fi kowane mataki muhimmanci a wurina, domin a nan ne sanarwa take iya juyewa ta faɗi kishiyar abin da ake nufi. Korewa a Hausa sau da yawa ƙafa biyu gare ta, "ba" a gaba da "ba" a baya, maganar da ake korewa kuma tana tsakaninsu. A jimlarmu akwai kalma 23 tsakanin "ba" ta "ba za a gudanar" da "ba" ɗin da ta rufe ta. Yi tunanin wanda hayaniya ta hana shi jin "ba" ta farko, gaɓa ɗaya tak. Abin da zai ji shi ne "za a gudanar da jarrabawar da aka shirya yi gobe da ƙarfe takwas na safe". An ba shi rana, an ba shi lokaci, an ba shi wuri, duk na abin da aka soke. Kafin "ba" ta biyu ta iso ya riga ya tashi neman abin da zai sa gobe.

Hanya biyu ce. Ta farko, wadda ta fi, ita ce a sami kalmar da ke ɗauke da korewar a cikinta: an ɗage, an soke, an fasa, an hana, an rufe, an dakatar. "An ɗage jarrabawarku" ba ta da wata gaɓa guda da in ta ɓace ma'ana za ta juye. Ta biyu, in korewar ta zama dole, a matso da ƙafafun kusa da juna, kalma biyar ko shida a tsakani, sauran bayanin ya koma wata jimlar. Kuma kada a ƙawata abin da aka soke da cikakken bayani. Tsohuwar rana ta samu ambato ɗaya a taƙaice, sabuwar ita ce za ta samu lokaci da wuri da maimaici.

Sai kuma inda korewa biyu suka yi karo: "ba tare da katin shaida ba ba za a bar shi ya shiga ba". "Ba" huɗu a numfashi ɗaya, biyu suna gugar juna. Mai karatu yakan haɗiye ɗaya, ko ya yi in'ina. Juya maganar ta zama umarni: "Ku zo da katin shaidarku na asali. Sai da shi za a shiga." Gargaɗin yana nan da ƙarfinsa, babu "ba" ko ɗaya. Ka lura baka biyun ma sun narke, domin baka ba ta da sauti. Abin da ke cikinta ko dai yana da amfani ya shiga jimla sosai, ko ba shi da shi ya fita.

Abin da rubutun boko ba ya nunawa

Rubutunmu na yau da kullum ba ya sa alamar karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na niƙa iri ɗaya ake rubuta su. Haka "fari" na launi da na rashin ruwan sama da na farko, haka "kuka" na hawaye da na itace da na "ku kuka ce". Mai karatu yana gane wanda ake nufi ne daga kalmomin da ke kewaye. Matsalar ita ce, mai karatu da murya dole ya zaɓi sauti a daidai lokacin da ya iso kalmar. In abin da zai fayyace ta yana can gaba, sai ya yi caca, in ya faɗi kuma sai ya koma ya gyara a kan iska. Saboda haka sa abin da ke fayyacewa kafin kalmar ko dab da ita. "Fari ya hana" tana iya sa mutum jinkiri, "Ƙarancin ruwan sama ya hana" ba ta sa kowa.

Wanda ya fi cizo shi ne "ya" da "ta" da "ka". Dubi wannan: "Shugaba ya ce sakatare ya zo." In ka ja wasalin "ya" ta biyu, labari ne, sakatare ya riga ya iso. In ka gajarce shi ka sauke murya, umarni ne, ana kiran sakatare. Rubutu ɗaya, ma'ana biyu, kuma babu abin da zai taimaki mai karatun da bai san zancen ba. Na taɓa jin an karanta irin wannan a bisa kuskure a wani taro, aka zauna jiran mutumin da aka sanar cewa ya iso, alhali kiransa ake yi. Gyaran ba wuya: "ya riga ya iso" in labari ne, "ana neman sakatare" in kira ne.

Shi ya sa ban rubuta "Kowa ya zo da katinsa" ba a sanarwarmu. Ana iya karanta ta a matsayin umarni, ko labari, ko ma farkon sharaɗi, wato kowa ya zo da katinsa za a yi masa kaza. Jam'i ba shi da wannan matsalar, domin rubutu ya bambanta "ku zo" da "kun zo", "su zo" da "sun zo", "a zo" da "an zo". In kana ba da umarni a rubutun da wani zai karanta, fake a jam'i.

Baƙaƙe masu ƙugiya kuma kada a yi wasa da su. In na'urar da aka buga takardar ba ta da su, bi da biro ka sa. "An ɗage" da "an dage" ƙugiya ɗaya ce ta raba su, ma'anarsu kuwa ta yi hannun riga. Ita kanta "ɗage" tana da fuska biyu, domin ɗage doka cire ta ne, ɗage taro kuwa jinkirta shi ne. In ka haɗa ta da "daga" da "zuwa", shakka ta ƙare.

Lambobi, ranaku da lokaci

Alƙaluma huɗu ne a 2,487, amma a baki kalma tara ce: dubu biyu da ɗari huɗu da tamanin da bakwai. Kafin a kai bakwai an manta dubu nawa ne. Tambayi kanka ko ana bukatar adadin daidai. In don a nuna yawa ne, "kusan dubu biyu da ɗari biyar" ta isa. A sanarwarmu ko wannan ba a bukata, tunda duk wanda ya cike takarda ya san kansa. Amma akwai lambobin da ba a taɓa su: lambar waya, lambar ɗaki, adadin da za a biya, ranar rufe rajista. Waɗannan a faɗe su daidai, a hankali, sau biyu. Lambar waya a karkasa ta uku uku ko huɗu huɗu, a kuma karanta ta da tsari ɗaya duka sau biyun.

Duk lambar da ta rage, rubuta ta da kalmomi yadda za a furta ta, domin kada mai karatu ya tsaya lissafi gaban makirufo. A nan ma akwai tarko. "Dubu ɗari da hamsin" tana iya zama 150,000, tana iya zama 100,050. In ta farko kake nufi, ce "dubu ɗari da dubu hamsin". Kashi cikin ɗari mai ɗigo ma nauyi gare shi. Maimakon kashi 37.5 cikin ɗari, ce "uku cikin kowane takwas", lissafin ɗaya ne, kuma mutum yana iya ganin sa a ransa.

Kwanan wata irin 18/7 ba abin karantawa ba ne. In ka ce "sha takwas ga watan bakwai da ƙarfe takwas", ka tara takwas da bakwai da takwas, kalmomin da dama suna kama da juna a kunne. Kira watan da sunansa. Sai dai Yuni da Yuli ma baƙi ɗaya ne tsakaninsu, shi ya sa sunan rana yake da amfani: Asabar ba ta kama da komai, kuma da ranaku mutane suke tsara harkokinsu. Duba kalanda ka tabbata ranar da kwanan watan sun dace, domin in suka saɓa, rabin mutane za su bi ɗaya, rabi su bi ɗayan.

"Gobe" kuma a kiyaye ta. In an naɗi sanarwa za a yi ta sakawa kwana biyu ko uku, goben ranar Litinin ba ita ce goben ranar Talata ba. Sai in ka tabbata sau ɗaya za a karanta, a ranar, sannan ka yi amfani da yau ko gobe ko jibi. "Da misalin" ma ta fita, jarrabawa ba ta da misalin lokaci.

Sake karantawa, sannan ka gwada a kan wani

Haɗa abin da ka samu ka sake karantawa da murya, wannan karon kana naɗa a waya. A zagayen farko na rubuta "A zauren filin wasanni za a zauna", a ido ba laifi, amma da na saurara sai na ji zau, za, zau suna bin juna kamar wasan karya harshe. Na mayar da ita "za a yi ta". Irin wannan karo ba ya ganuwa sai an ji shi. "Ta tattauna ta tantance ta tabbatar" da "ƙara ƙarfafa ƙoƙarin" duk 'yan gida ɗaya ne, canja kalma ɗaya yakan wadatar. Ga inda muka tsaya:

"Sanarwa ga masu neman aikin lafiya da suka cike takardu.
An ɗage jarrabawarku daga ranar Talata zuwa ranar Asabar.
Wato Asabar ɗin nan, sha takwas ga watan Yuli, da ƙarfe takwas na safe.
An kuma canja wuri.
A zauren filin wasanni za a yi ta.
Dalili kuwa, ba a gama gyaran ɗakin taron kwaleji ba.
Ku zo da katin shaidarku na asali.
Sai da shi za a shiga.
A sake saurara: ranar Asabar, ƙarfe takwas na safe, a zauren filin wasanni.
Sanarwa daga hukumar ɗaukar ma'aikata."

Kalma 86, har da maimaici da lokacin da aka manta a asali, kuma mafi tsawon layi kalma 14 ne. Ka ga ba gajartawa ce babbar ribar ba. "An kuma canja wuri" ba ta ɗauke da sabon bayani, aikinta ta farkar da wanda ya ji ranar ya ɗauka an gama.

Gwajin ƙarshe shi ne ka sami wanda bai ga takardar ba, ka karanta masa sau ɗaya yana wani abin, sannan ka tambaye shi: yaushe, a ina, da me za a zo? In ya amsa ukun, ka gama. In ya rasa ɗaya, kada ka sake karanta masa, koma ka gyara wannan layin. In lokacin iska a ƙayyade yake, auna da agogo yayin da kake karatu da saurin da ka saba, kuma in ya zarce, rage kalmomi, kada ka ƙara sauri.

In jawabi ne

Kusan duk abin da ya gabata yana aiki, sai abu biyu. Na farko, mutanen zaure suna zaune suna kallonka, ba za su murɗa tasha ba, don haka kana iya riƙe kalma mai nauyi zuwa ƙarshe. A takarda za a rubuta: "Rashin malamai ne babbar matsalar makarantar nan a halin yanzu kamar yadda binciken kwamitinmu ya nuna." In ka faɗe ta haka, ƙarfinta ya tafi tun farko, ta ƙare da jan ƙafa. A kan mumbari ce: "Kwamitinmu ya yi bincike, ya kuma gano babbar matsalar makarantar nan." Ka yi shiru kaɗan, ka ɗaga kai. "Rashin malamai." Na biyu, babban zaure mai lasifika yana da amsa-kuwwa, ƙarshen kowace jimla yana dawowa ya hau farkon mai bi mata, saboda haka jimlolin su ƙara gajarta, tsayawar kuma ta ƙara tsawo.

Maganar wani kuwa, a rediyo ko a zaure, sunan mai ita ke fara zuwa. Jarida tana iya rubuta "Ba za mu ƙara albashi ba, in ji shugaban kamfanin", tunda ido yana ganin alamar zance. Kunne ba ya ganin ta, zai ɗauka kai ne kake faɗa har sai ka kai "in ji". Ce "Shugaban kamfanin ya ce ba za su ƙara albashi ba."

Akwai inda hannunka ba ya kaiwa. Maganar da aka ɗauko daga bakin mutum kalma da kalma, da nassin doka ko hukuncin kotu, ba a sake musu gini. Abin da za ka iya shi ne ka sa alamun numfashi, ka karanta yadda suke, sannan ka bi da bayani cikin naka kalmomin, kana mai nuna cewa bayani ne. Sanarwar da wani ya kawo ma, in ka cire wani abu kamar yadda muka cire ɗan kwangila da 2,487, karanta masa sabon rubutun ya amince kafin ya hau iska.

Wajen buga takardar, kowace jimla ta samu layinta kamar yadda ka gani a sama, da haruffa masu girman da za a gani daga nesa kaɗan, da tazara tsakanin layuka don alamun fensir. Kada jimla ta tsallaka daga shafi zuwa shafi, kuma a buga a fuska ɗaya ta takarda ba tare da an maƙale shafukan ba, domin a zame kowane gefe a hankali. Makirufo yana ɗaukar ƙarar juya takarda fiye da yadda kake zato.